Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Ƙidaya Ta Ƙasa: Wa Zai Rantse Wa Tsohuwa Shekarunta?

Ranka ya daɗe,

Na rubuto maka ne a kan wata magana da mai kallo daga nesa zai ce ta ma'aikatar jin ƙai ce, ko ta lafiya, ko ta hukumar katin ɗan ƙasa, alhali kuwa tushenta yana ofishinka. Maganar ita ce yadda tsoho zai tabbatar da shekarunsa idan ya tsaya a gaban kanta, ko don a yi masa rangwame, ko don a yafe masa kuɗin asibiti, ko don a sa sunansa cikin masu karɓar tallafin tsufa.

A takarda dai ba a manta da tsofaffi ba. Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci kula da su da biyansu fansho a cikin abubuwan da aka ɗora wa gwamnati ta sa a gaba. Dokar Cibiyar Dattawa ta Ƙasa ta 2017 ta ce dattijo shi ne wanda ya haura shekara 70. Manufar ƙasa a kan tsufa, wadda majalisar zartarwa ta amince da ita a 2021, daga 60 ta fara lissafi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta jera tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya musu. Jihar Ekiti kuwa a 2011 ta fara bai wa tsofaffi marasa ƙarfi naira 5,000 a wata, ta kuma ja layinta a kan 65. Kowace doka da lambarta, kuma wannan saɓanin kaɗai ya isa a rubuta wata wasiƙar. Amma duk sun yi tarayya a abu guda: sun ɗauka cewa lambar tana nan a rubuce, aikin akawu kawai ya duba.

Ba ta nan, ranka ya daɗe, kuma kai ka fi kowa sani. Wanda zai cika 70 a 2026, a 1956 aka haife shi. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a faɗin ƙasa, wadda hukumarka ke aiki da ita, ta 1992 ce, wato ta zo ne bayan mutumin ya yi shekara 36 a duniya. Ko a binciken lafiya da yawan jama'a na 2018, kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista, balle a yi maganar jaririn da unguwarzoma ta yanke wa cibi a wani ƙauye zamanin En'e. Abin da ke faruwa shi ne, gwargwadon tsufan mutum gwargwadon rashin shaidarsa. Wanda shirin ya fi nufa shi ne wanda ya fi rasa abin nunawa.

Duk da haka kusan kowane tsoho a yau yana da ranar haihuwa a kwamfutar gwamnati. Ya kamata mu tambayi kanmu daga ina ta fito.

Yawancinta daga rububin rajista ta fito. Katin zaɓe, sai BVN daga 2014, sai babban turmutsutsun ƙarshen 2020 lokacin da aka ce duk layin wayar da ba a haɗa da NIN ba za a toshe shi. Tsohuwa ta zo da jikanta, layi ya kai bakin titi, yaron da ke kan kwamfuta ya tambaya, "Iya, shekarunki nawa?" Ta ce Allah ne masani. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya rubuta shekarar da ta zo masa, ya cike gurbin rana da wata da 01/01 domin kwamfutar ba ta yarda a bar gurbi. Ba mugunta ya yi ba, kuma ban ga abin da ni zan yi dabam ba in da ni ne a kujerar. Amma daga wannan rana hasashen yaron ya zama hukuma. Shi ya sa in ka duba rajistar kowace mazaɓa a karkara za ka rantse rabin tsofaffin garin ranar sabuwar shekarar Bature aka haife su, kuma shekarunsu sun taru a kan lambobin da ke ƙarewa da sifili ko biyar. Masana ƙidaya na hukumarka sun san wannan cuta. Idan shekarun jama'a na gaskiya ne, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne lambarsa za ta ƙare da sifili ko biyar. In aka ga abin ya zarce haka nesa, an san kintace aka yi.

To idan kintacen ya zo da kuskure, ya ake gyarawa? Nan ne maganar ta iso ƙofarka. Tsoho zai fara zuwa kotu a yi masa takardar rantsuwar shekaru. Ka'idar wannan takarda ita ce wanda ya girme shi, uwa ko uba ko wa ko kawu, ya rantse cewa ya san lokacin da aka haife shi. Ga ɗan shekara 25 wannan daidai ne. Ga 'yar shekara 70, wa ya rage? Iyaye sun daɗe da rasuwa, yayye in akwai ɗaya yana kwance ba ya iya hawa mota. Sai a ɗauko ƙane, ko ɗan cikinta, ko ma wani daga masu zaman jira a bakin kotu, ya rantse a kan haihuwar da aka yi kafin a haife shi. Da wannan takarda za a zo hukumarka a karɓi takardar shaidar haihuwa ta manya. Da taku takardar za a je hukumar katin ɗan ƙasa a nemi gyara, kuma tun watan Mayun 2025 kuɗin gyaran ranar haihuwa a can naira 28,574 ne, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Ban sa kuɗin mota ba, da na kotu, da na mai shagon intanet da zai cike mata fom.

Kuɗin ya yi yawa, amma ba shi ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne takardun uku ne, hatimi uku, amma babu wadda ta ƙara wa ta bayanta ko ƙwayar hujja. Ta kotu ta rubuta abin da aka faɗa mata, taku ta kwafi ta kotu, ta ƙarshe ta kwafi taku. A duk tafiyar nan babu inda wani ya zauna ya yi wa tsohuwar tambaya guda da za ta iya amsawa. Mai kuɗi da wayo zai bi wannan hanya ya fito da duk shekarar da yake so. Mai gaskiya marar kuɗi kuwa ba zai ko fara ba.

Alhali hanyar yin tambayar tana cikin ma'ajiyar hukumarka. Duk wanda ya yi aikin ƙidayar 1991 ko ta 2006 zai tuna an koya masa cewa in ya tarar da wanda bai san shekarunsa ba, kada ya kintata da ido, ya bi da shi ta jerin abubuwan tarihi da aka yi a ƙasa da yankinsa. Ni ma na riƙe wannan jeri a ƙidayar 2006, kuma na ga yana aiki in aka yi haƙuri da shi. Abin mamaki shi ne mun yarda da shi wajen ƙirga mutum cikin miliyoyi, amma ba mu yarda da shi ba ranar da mutumin ya zo neman haƙƙinsa shi kaɗai.

Bari in kawo misali mu bi shi daki-daki, don a ga abin da hanyar ke iyawa da inda take gazawa. A ce ga tsohuwa daga wani ƙauye a ƙasar Kano, mu kira ta Iya. A NIN an rubuta mata 01/01/1965. Ta zo rajistar tallafi, akawu ya duba ya ce a 2026 shekarunta 61, ta koma gida.

Mai tambaya na ƙwarai ba zai ce mata "yaushe aka haife ki" ba. Zai ce, "Iya, da aka kashe Sardauna kina ina?" An kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, kuma a cikin watan azumi ne, abin da ke taimaka wa tunawa ƙwarai. Ta ce tana gidan ubanta, tana talla, ta fara gwada azumi tana yi tana sha, ba ta kai a tilasta mata ba. Yarinyar da ke wannan mataki tana tsakanin shekara takwas da goma sha biyu, wato an haife ta tsakanin 1954 da 1958. Tun a nan 1965 ta faɗi, don 'yar shekara ɗaya ba ta talla.

Sai ya matsa gaba: "Da aka yi canjin kuɗi kina gidanku ko kina ɗakin miji?" A nan ne ake gane wanda ya san aikin, domin tarko biyu ne a cikin tambayar. Na farko, canjin kuɗi ba ɗaya ba ne. An canza takardun kuɗi a Janairun 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, an koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairun 1973, an kuma sake canza launin takardu a Afrilun 1984 zamanin Buhari na soja. Tsohuwa za ta ce "canjin kuɗi" tana nufin kowanne, kuma tsakanin na farko da na ƙarshe shekara 16 ne. Na biyu, in ta ce da fam aka biya sadakinta, wannan bai isa hujja ba, don mutanenmu sun ci gaba da kiran naira biyu fam, kwabo goma sule, shekaru masu yawa bayan an daina buga su. Saboda haka sai a ɗaure tambayar da abin da ba ya da na biyu. Canjin hannu, da motoci suka koma bin dama, sau ɗaya aka yi shi, ranar 2 ga Afrilun 1972. Jirgin alhazai da ya faɗi a filin jirgin Kano ranar 22 ga Janairun 1973 ne, kuma ba gidan da labarinsa bai shiga ba a ƙasar Kano. Iya ta ce da aka yi canjin hannu tana amarya, da jirgin ya faɗi tana da cikin fari, ta haihu a daminar da ruwa ya ƙi. Wannan farin 1973 ne. Idan ta yi haihuwar fari tana tsakanin 15 da 18, an haife ta tsakanin 1955 da 1958. In da lambar NIN gaskiya ce, da tana 'yar shekara takwas ta haihu.

Yanzu sai a nemi takarda, amma ba tata ba, ta ɗanta. Ɗan farin nan ya shiga firamare a zamanin ilimi kyauta da aka fara a 1976, kuma takardar makarantarsa ta ce 1973. Wani zai ce ai takardun 'ya'ya ma ana rage musu shekaru. Gaskiya ne, amma a lura da inda kuskuren ke karkata: in an rage wa ɗan, to ya fi abin da aka rubuta girma, uwarsa ma haka. Takardar ɗa ba ta ƙara wa uwa shekarun da ba nata ba.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda duk Bahaushe ke iya amsawa ko da bai san lamba ba: wa kike bi, wa ke bin ki, su wa ne sa'o'inki? Jerin haihuwa ba ya ɓacewa a gida. Iya ta ce tana bin wanta, ba ɓari ba mutuwa a tsakaninsu, shi kuwa ya yi aikin gwamnati, takardarsa ta ce 1953. A zamanin da ake shayar da yaro kusan shekara biyu kafin yaye, tazarar haihuwa kan kai shekara biyu zuwa uku ko huɗu. Ya zama ita 1955 zuwa 1957.

An bi hanya huɗu, duk sun haɗu a kan shekara uku: 1955, 1956, 1957. Ba wanda zai iya matse su su koma ɗaya, kuma duk wanda ya ce zai iya, ƙarya yake. Iyakar hanyar ke nan, kuma ya kamata a faɗe ta a fili. Amma a duba abin da aka samu. In layin tallafin 65 ne, babu sauran gardama, ta ƙetare shi tun tsakanin 2020 da 2022, alhali kwamfuta za ta tsare ta har 2030. In layin 70 ne, a 2026 biyu daga cikin shekarun uku sun ba ta, ɗaya ta hana. A nan ake bukatar ka'ida rubutacciya, ba ra'ayin akawu ba, kuma mafi sauƙi ita ce a ɗauki ta tsakiya, 1956. In an yi kuskure, mafi muni shi ne an biya ta shekara ɗaya kafin lokaci. Da kuɗin Ekiti, naira 60,000 ke nan. In kuwa aka tsaya a kan 1965, sai 2035 za ta fara karɓa, an cinye mata shekara tara, naira 540,000, in ma ta kai. Kuskuren farko baitulmali zai ɗauka bai ji ba. Na biyu a kan tukunyar tsohuwa yake sauka.

Akwai wani ɗan ruɗani da ke sa a ƙaryata mai gaskiya, gara in ambace shi. Manomi da damina yake ƙirga shekaru, lissafinsa kuwa yana tafiya daidai da kalandar ofis. Malami ko wanda aka rubuta masa haihuwa a bangon littafi da watan Musulunci, da azumi da salla yake ƙirgawa, shekarar wata kuwa ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya. A shekara 33 gibin ya kai shekara guda. Dattijon da ya ce ya cika 70 da lissafin Hijira, a kanta bai ƙarasa 68 ba. Bai yi ƙarya ba, akawu ma bai yi ba, kuma in ba a koya wa ma'aikaci ya tambayi da wane lissafi ake magana ba, za a rabu da ɓacin rai a banza. Irin wannan rubutun na bangon littafi, da ajami ko Larabci, in ya samu, ya fi takardar rantsuwa goma daraja, amma yau ba shi da gurbi a fom ɗin kowa.

Na san abin da za a ce, ranka ya daɗe: in aka buɗe wannan ƙofa, 'yan hamsin za su haddace tarihi su zo su zama 'yan saba'in. Tsoron yana da tushe. Ƙasar nan ta saba da shekara biyu ga mutum ɗaya, ta gida da ta gwamnati. An rage don a shiga aiki, an rage don kada ritayar shekara 60 ta zo da wuri, an kuma ga amfanin ƙarancin shekaru a 2022 da Saudiyya ta ce wanda ya haura 65 ba zai yi aikin hajji ba. Wanda ya ci ribar ragi jiya zai so ya ci ribar ƙari gobe. Amma maganin wannan ba wuya. Dokokin aikin gwamnati sun riga sun ce ranar haihuwar da ma'aikaci ya bayar ranar da aka ɗauke shi ba ta canzuwa. A bar ta haka. Wanda ya taɓa aikin albashi, ko yake da takardar makaranta, ko tsohon fasfo, ya zauna a kan abin da ya rubuta da hannunsa. Tantancewar da nake magana a kai ta wanda bai taɓa bayar da lamba da bakinsa ba ce, wanda wani ya kintata masa.

Haddar tarihi kuma ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato, muddin a garin mutum aka yi tambayar. Za a iya koya wa mace ta ce tana amarya a 1972, amma ba za a iya ƙirƙiro mata ɗa mai shekara hamsin da ɗoriya ba, kuma ba za ta faɗi haka a gaban dagaci da liman da tsofaffin matan da suka kai ta ɗaki ba in ƙarya ne. Shi ya sa wurin da ake yin aikin ya fi fom ɗin muhimmanci. A hedikwatar jiha kowa baƙo ne, duk abin da ya faɗa sai a rubuta. A ƙofar gidan dagaci kowa ya san wanda ya riga wani. In aka gama, a karanta sunaye da shekarun da aka tsayar a bainar jama'a, a bar mako biyu ga mai ƙorafi. Ban ce dagatai mala'iku ne ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Don haka kada a bar sa hannu ga mutum ɗaya, kuma a rubuta amsoshin da tsohon ya bayar, ba sakamakon kaɗai ba, yadda mai bincike daga sama zai iya ɗaukar fom ya sake lissafin da kansa.

Wasu ƙasashe sun riga mu taka wannan ƙaya. Yuganda ta fara biyan tsofaffi tallafi a wasu gundumomi daga shekara 65, a yankin Karamoja daga 60, kuma a farkon shirin jama'ar gari na da baki wajen tabbatar da wanda ya kai. Da aka faɗaɗa shi zuwa ƙasa baki ɗaya a 2020, aka mayar da layin 80, aka kuma ce katin ɗan ƙasa ne kaɗai shaida. Shilin 25,000 ne a wata a lokacin. Rahoton da wasu ƙungiyoyin kare haƙƙi suka fitar a 2021 ya nuna tsofaffi da yawa da suka haura 80 an bar su a waje, wasu don ba su da katin, wasu don an rubuta musu shekarun da ba su kai nasu ba lokacin rajista. Wannan ita ce hanyar da muke kai, tunda kullum ƙara ɗaure kowane tallafi ake yi da NIN. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa sun gaji wata al'ada da ta fi tamu gaskiya: tsofaffin takardunsu kan ce an haifi mutum wajajen shekara kaza, ba tare da ƙirƙiro rana da wata ba, kuma alƙalai kan fita ƙauyuka zaman kotun tafi-da-gidanka su yanke hukuncin haihuwa ga wanda ba a yi wa rajista ba, a gaban shaidu. Takardar da ta amsa cewa kintace ce ta fi wadda ta yi shiru a kai amfani, don tana gaya wa mai karanta ta yadda zai riƙe ta.

Saura maganar rangwame, wadda ta bambanta da ta fansho ta wata fuska da masu tsara shiri kan manta. Fansho sau ɗaya ake tabbatar da shekaru, ranar shiga. Bayan nan abin da ake tantancewa shi ne ko mutum na raye. Rangwame kuwa kullum ne, a kowace kanta, a gaban sabon mutum. A Ghana wanda ya kai 70 ba ya biyan gudummawar shekara ta inshorar lafiya, kuma duk wani sassauci irin wannan da za a kawo nan, a tashar jirgin ƙasa ne ko a ɗakin karɓar magani, a hannun ƙaramin ma'aikaci zai ƙare, mai layi a gabansa da 'yan daƙiƙu a hannunsa. Me za a miƙa masa? Takardar NIN ta farko, wadda yawancin tsofaffi ke naɗewa a leda, ba ta ma nuna ranar haihuwa a fuskarta. Sai an shiga kwamfuta, in da wuta, in da sabis. Katin zaɓe yana nunawa, amma sau da yawa lambarsa dabam da ta NIN, ta BVN kuma dabam, don yara uku ne suka kintata a rana uku. In takardu suka yi gardama, akawu zai koma ga ido. Ido kuwa mugun alƙali ne a nan: manomin da rana ta dafa yana 55 ya fi ɗan birni mai 70 kama da tsoho, mace mai lulluɓi ba a ma ganin furfurarta. Daga nan sai abin ya zama alfarma, wanda ya san wani ya wuce, wanda ya iya magiya ya wuce, mai kunya ya biya cikakken kuɗi ko ya juya. Dattijo da yawa zai gwammace ya biya da a ce masa a gaban yara, "Baba, ba ka kai ba."

Kanta ba wurin shari'ar shekaru ba ne. A gama shari'ar sau ɗaya a garin mutum, a ba shi kati mai hotonsa da shekarar haihuwa manya-manya, wanda mai sayar da tikiti zai duba ya gane ba tare da ya taɓa kwamfuta ba. Shekarar kaɗai ta isa. In tsarin kwamfuta ya dage sai da rana da wata, a bar 01/01 ɗin, amma a sa alama a rajista cewa wannan shekara tantancewa ce ta tsayar da ita, waccan kuma kintacen ranar rububi ne, don yau ba mai iya bambance su.

Abin da nake roƙo a hannunka yake, ba ya jiran sabuwar doka. Hukumarka ce doka ta bai wa rajistar haihuwa, kuma tana da ofishi a kowace ƙaramar hukuma. A fito da jerin abubuwan tarihi na kowace ƙaramar hukuma a sabunta shi, da sarakunan da aka naɗa da waɗanda suka rasu, da shekarun fari da ambaliya da gobarar kasuwa, da shekarar da kwalta ko makaranta ta iso garin. A mayar da shi fom na tantance shekaru, a karɓe shi a madadin takardar rantsuwa ga duk wanda ba shi da wani babba a raye da zai rantse masa. A yi aikin a mazaɓu, kyauta, da ma'aikata mata da za su iya shiga gida wurin wadda ba ta fita. Sannan ka zauna da shugabancin hukumar katin ɗan ƙasa ku daidaita cewa gyaran da ya fito daga wannan tantancewa kai tsaye zai wuce zuwa NIN, ba tare da an karɓi naira 28,574 daga hannun tsohuwar da ba ita ta rubuta kuskuren ba.

Akwai dalilin gaggawa. Wannan hanya da shaidu take aiki, shaidun kuwa sa'o'in masu neman ne, kuma kowace shekara raguwa suke. In ba za a iya fara ta a ƙasa baki ɗaya ba, a zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya a kowace shiyya, a tantance, a kwatanta sakamakon da abin da ke cikin NIN, a buga adadin da aka samu ya saɓa da shekara biyar ko fiye. Wannan adadin zai gaya maka ko maganar ta kai a kashe mata kuɗi.

Allah ya taimake ka, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta, daga Kano.